Yadda ake rubuta fastar rage farashi ba tare da an zubar da darajar kaya ba

Masu shaguna suna yawan kawo tambaya iri ɗaya: an rage farashi, an buga fasta, an manna a ƙofar shago, amma maimakon ciniki ya ƙaru sai mutane suka fara tambayar ko kayan sun yi kwantai ne, ko kuwa jabu aka kawo. Yawanci laifin ba na farashin ba ne, na rubutun ne. Mai saye da ya ga an rage kuɗi yana da tambaya ɗaya a ransa, wato me ya sa aka rage. Idan fasta ba ta ba shi amsa ba, zai ba kansa amsa, kuma amsar da zai zaɓa ita ce mafi muni.

Za mu bi matakan da misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce mai shago ne a Kantin Kwari a Kano, yana sayar da wata shadda yadi biyar a kan ₦40,000. Da yana saro ta a hannun wani a kan ₦29,000, yanzu ya samu hanyar saro ta kai tsaye daga hannun dila a kan ₦25,000, don haka ya yanke shawarar mayar da ita ₦34,000. Alƙaluman misali ne kawai, kowa ya sa nasa a gurbinsu.

1. Yi lissafi kafin ka taɓa rubutu

Ɗauki takarda ka rubuta lambobi huɗu: kuɗin sari, tsohon farashi, sabon farashi, da abin da ya rage tsakanin biyun na ƙarshe. A misalinmu ragin ₦6,000 ne, wato kashi 15 cikin 100 na tsohon farashi.

Sannan ka duba ribarka. A sabon sari, shaddar da aka sayar ₦34,000 tana barin ribar ₦9,000, ba laifi. Amma idan akwai ragowar tsohon sari na ₦29,000 a shago, ribar kowace ɗaya ta sauko daga ₦11,000 zuwa ₦5,000. Wanda yake sayar da guda 20 a wata yana samun ₦220,000 a da, yanzu sai ya sayar da guda 44 daga tsohon sarin kafin ya kama wannan kuɗin. Wannan lissafin shi zai faɗa maka ko ragin na dindindin ne ko na ɗan lokaci, kuma rubutun fastar ya dogara da wannan amsar.

Gargaɗi a nan: tsohon farashin da za ka rubuta shi ne wanda kake sallamawa a kai, ba wanda kake fara faɗa wa mai saye ba. Idan ka saba cewa ₦45,000, a taya, ka sallama a ₦40,000, to tsohon farashinka ₦40,000 ne. In ka rubuta ₦45,000 don ragin ya yi girma, tsofaffin abokan cinikinka sun san ba haka suka saya ba, kuma su ne za su fara faɗa wa wasu. Ban da haka, dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC take kula da ita, ta hana yaudarar mai saye ta fuskar farashi.

2. Nemo dalilin ragin, ka faɗe shi a layi ɗaya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Dalili shi ne yake raba darajar kaya da farashinsu. Idan mai saye ya ga dalili mai ma'ana, zai ɗauka kayan suna nan yadda suke, wani abu ne daga waje ya canza. Idan bai ga dalili ba, zai ɗauka kayan ne suka canza.

Dalilan da suke kare darajar kaya su ne waɗanda suka shafi kasuwa ko shago, ba jikin kayan ba. Sari ya sauko. An fara sarowa kai tsaye ba tare da ɗan tsakiya ba. Shago ya cika shekara goma. An buɗe sabon reshe. Sallah ta matso. Za a ba sababbin launuka wuri. Kowanne daga cikin waɗannan mutum zai ji shi ya gyaɗa kai, domin ya san haka kasuwa take.

Akwai kuma dalilan da ko da gaskiya ne suna ja wa kaya raini. "Dole mu rabu da su." "Muna neman kuɗi cikin gaggawa." "Kaya sun yi mana yawa." Duk waɗannan suna nuna mai shago ne yake cikin matsi, kuma wanda ya ga mai kaya cikin matsi ba ya biyan farashin fasta, tayawa yake yi ƙasa da shi. Idan gaskiyar magana ita ce kana son kwashe kayan da suka daɗe, akwai hanyar faɗinta da ba ƙarya ba ce kuma ba ta zubar da mutunci: "Sababbin launuka na tafe, muna ba su wuri."

A misalinmu dalilin a fili yake, kuma mai kyau ne: "Yanzu kai tsaye muke sarowa daga dila." Kalmomi bakwai sun isa. Kada ka tsaya bayanin canjin dala da kuɗin mota da haraji, fasta ba wurin wannan ba ne.

Gargaɗi: kada ka ƙirƙiri dalili. Shagon da ya rubuta "za mu tashi daga nan" ya shekara biyu bai tashi ba, ya koya wa layin gaba ɗaya cewa rubutunsa ba abin yarda ba ne. Idan kuma kayan suna da aibi, kamar tabo ko yankan da bai cika yadi biyar ba, wannan jagorar ba tasu ba ce. A ware su daban, a faɗi aibin, a sayar da su a matsayinsu.

3. Zaɓi yadda za ka nuna abin da ya rage wa mai saye

Hanyoyi uku ne: a faɗi kuɗin da aka rage, a faɗi kashi cikin 100, ko a nuna abin da kuɗin zai iya yi.

Ga kaya masu tsada kamar shadda, firji, katifa ko keken ɗinki, faɗin kuɗin ya fi ƙarfi. "₦6,000" abu ne da mutum yake gani a aljihunsa nan take, amma "kashi 15 cikin 100" sai ya tsaya lissafi, kuma mai wucewa a cikin cunkoson kasuwa ba zai tsaya ba. Kashi cikin 100 yana amfani ne a wuri biyu: idan kayan ƙanana ne har kuɗin ragin ya zama kamar ba komai ba, misali sabulun ₦500 da aka rage wa ₦100, inda "kashi 20" ya fi "₦100" kwarjini, ko kuma idan ragin ya shafi kaya da yawa masu farashi daban-daban. Zaɓi ɗaya. In ka sa duka biyun a fasta ɗaya, lambobi sun zama huɗu, ido ya rasa inda zai sauka.

Hanya ta uku ita ce mafi daɗi idan ta dace. Mai sayen shadda ba a shagonka zai tsaya ba, wurin tela zai wuce. Layi kamar "Ragin ₦6,000, ku ƙara a kuɗin ɗinki" yana mayar da hankalinsa kan rigar da zai sa, ba kan arahar yadin ba. Mai sayar da firji zai iya cewa ragin ya isa kuɗin motar kai wa gida. Sai dai ka tabbatar maganar ta yi daidai da farashin garinku. Kada ka rubuta "kuɗin ɗinki ya fita" alhali tela yana karɓar ninkin haka, gara ka ce "ku ƙara a kuɗin ɗinki".

Game da girman ragin kansa: ragin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba da wuya ya cancanci fasta, a faɗa da baki ya isa. Wanda kuma ya kai rabin farashi a kan kaya masu daraja yana tayar da zargi komai kyan rubutu, domin mai saye zai ce ko dai da can ana cutarsa, ko kuma yanzu ba kayan ba ne. Tsakanin nan ne rubutu yake iya aiki.

Gargaɗi: bar farashi a dunƙule. ₦33,999 salon kayan rububi ne, kuma kowa ya san babu wanda zai ba shi canjin naira ɗaya. ₦34,000 ya fi kama da farashin mai kaya da ya san darajar kayansa.

4. Tace kalmomi

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wannan karin maganar tana cikin kan duk wanda zai karanta fastarka. Don haka ƙa'idar ita ce: kalmar sauƙi ta hau kan mai saye ko kan farashi, kada ta hau kan kayan. "Shadda mai araha" ta siffanta shaddar, ta mayar da ita ajin ƙasa. "Shaddar da kuka sani, yanzu ₦34,000" ta bar shaddar a inda take, ta motsa farashi kawai.

Kalmomin da ya kamata su fita daga fastar kaya masu daraja su ne araha, ɓagas, garaɓasa, gwanjo, bonanza, "kamar kyauta", "an karya farashi", da "a zo a kwasa". Ba wai munanan kalmomi ba ne. Suna aiki sosai a kan tebur ɗin kayan roba ko takalman yara a bakin titi, inda arahar ce abin sayarwa. Amma mutumin da zai sa shadda ya je ɗaurin aure ba ya son a ce rigarsa ta garaɓasa ce.

Waɗanda suke aiki su ne rangwame, ragi, sabon farashi, sauƙi, da "ya rage muku". Rangwame ta fi sauran ladabi, domin tana ɗauke da ma'anar mai kaya ne ya yi alheri daga farashin da ya cancanta. "Sabon farashi" kuma ita ta fi dacewa da ragin dindindin, tunda ba ta yi alkawarin cewa za a koma tsohon ba.

Yi magana da "ku", ba "ka" ko "ki" ba. Ta haɗa maza da mata, ta haɗa babba da yaro, kuma tana da girmamawa. Kada ka sa alamar motsin rai fiye da ɗaya a duk fastar, in ma ka bar ta gaba ɗaya ya fi. Rantsuwa ba ta da wuri a nan, kuma kada a sa aya ko sunan Allah a takardar da ƙarshenta iska za ta yar a ƙasa.

5. Sa shaida ɗaya ta inganci

Kusa da farashi dole a samu abin da yake cewa kayan ba su canza ba. Kuskuren da aka saba shi ne cika wurin da yabo: "mai inganci", "lamba ɗaya", "babu irinta". Kowane shago a layin yana faɗin haka, don haka ba ya shaida komai.

Shaida ita ce abin da mai saye zai iya dubawa ko ya riƙe ka da shi. Ga shadda: auduga ce zalla, yadi biyar cif, sunan kamfanin yana jikin gefenta, ba ta zuba a wanki. Mafi ƙarfi shi ne alkawari: "In ta zuba a wankin farko, ku dawo da ita." Mai kayan jabu ba ya iya rubuta wannan layin, kuma mai saye ya san haka. Ga kayan wuta, tsawon garanti ne shaidar, kuma a rubuta cewa garantin yana nan yadda yake duk da ragin.

Ɗauki shaida ɗaya, in ta yi yawa biyu. Gargaɗin a bayyane yake: kada ka rubuta alkawarin da ba za ka cika ba, kuma kada ka ce auduga zalla in ba ka tabbatar daga dila ba. Ka kuma sanar da yaran shago alkawarin, don kada wani ya dawo da kaya a ce masa ba a san zancen ba.

6. Sa iyaka, ko ka faɗi cewa babu

Idan ragin na ɗan lokaci ne, rubuta ranar ƙarewa da lamba: "Zuwa 15 ga wata", ko "Zuwa jajiberin Sallah". Iyaka tana kare daraja, domin tana nuna cewa ainihin farashin yana nan yana jira. Idan iyakar ta yawan kaya ce, faɗi adadin gaskiya, misali "guda 60 ne". "Sai an hanzarta" da "kafin su ƙare" ba iyaka ba ne, surutu ne.

Idan kuma na dindindin ne kamar misalinmu, ba a sa ranar ƙarewa. Amma tsohon farashi ba zai zauna a fasta har abada ba. Bayan sati uku zuwa huɗu ₦34,000 ta zama farashin shaddar, sai a sauke fastar a bar ƙaramin kati mai farashi ɗaya.

7. Jera rubutun

Yanzu kana da duk kayan aikin. Tsarin da ya fi aiki shi ne sunan kaya a sama, farashi a tsakiya, dalili da shaida a ƙarƙashinsa, adireshi a ƙasa. Kayan ne suke fara magana, ragin ya biyo baya. Fastar da ta buɗe da katuwar kalmar RANGWAME ta sa ragin ya zama shi ne hajar.

Ga irin abin da aka saba gani:

"GARAƁASA! GARAƁASA!! An karya farashin shadda! Mai araha kamar kyauta! A zo a kwasa kafin ta ƙare!!!"

Babu farashi, babu dalili, babu shaida, kuma kowace kalma tana cewa kayan ba su da mai so. Ga yadda misalinmu zai fito bayan an bi matakan:

Shaddar da kuka sani
Da ₦40,000, yanzu ₦34,000
Ragin ₦6,000, ku ƙara a kuɗin ɗinki
Yanzu kai tsaye muke sarowa daga dila
Yadi biyar cif. In ta zuba a wankin farko, ku dawo da ita

Sai sunan shago, layi da lambar shago, da lambar waya ɗaya. Rubutun bai kai kalma arba'in ba in an cire adireshi, kuma haka ake so. In ya wuce haka, fara yankewa daga shaida ta biyu, sannan layin ɗinki. Dalili da farashi ba a taɓa su.

Da a ce ragin na Sallah ne, layi na huɗu ne kawai zai canza ya zama "Rangwamen Sallah, zuwa jajibere", sauran su zauna yadda suke.

Gargaɗi na musamman ga kasuwar da ake tayi: duk farashin da ka manna, wasu za su ɗauke shi wurin fara ciniki. Yanke shawara tun yanzu. Idan ₦34,000 ce ta ƙarshe, ƙara kalmomi biyu a ƙarƙashinta, "farashi ɗaya", kuma ku tsaya a kai. Ranar da aka sallama wa mutum ɗaya a ₦32,000, labari zai zaga, fastar ta zama ƙarya.

8. Zane: abin da za ka faɗa wa mai kwamfuta

Rubutu mai kyau yana mutuwa a hannun mai zane da ya saba da fastar biki. Kafin mutum ya karanta kalma ɗaya, launi da cunkoso sun riga sun faɗa masa ajin kayan. Ja da rawaya masu ƙarfi, tauraro mai tsini-tsini da aka cusa farashi a ciki, rubutu mai inuwa da walƙiya, duk alamun rububi ne. Nemi launi biyu kawai, fari ko ruwan madara a baya da launi ɗaya mai duhu kamar shuɗi ko kore, sannan nau'in rubutu ɗaya ko biyu. Bar fili. Kusan kashi ɗaya cikin uku na takardar ya zauna babu komai, ko da mai zane ya ce an yi asarar wuri.

Hoton ya zama na kayan da ke shagonka. Ɗauke shi da waya da safe a inuwa kusa da ƙofa, a ninke shadda ɗaya ko biyu yadda ƙyallinta da zanenta za su fito. Kada a ɗauki tulin kaya har rufi, domin tuli yana cewa kwantai. Kada kuma a ɗauko hoton wata shadda daga intanet, mai saye zai gwada da ta hannunka. Tura hoton ga mai zane a matsayin fayil, domin in aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi, ya fito dishi-dishi a bugu.

Sabon farashi ne zai fi komai girma. Tsohon ya zama kamar rabinsa, da siririn layi ɗaya a kansa, yadda har yanzu ana iya karanta shi. Kada a yi masa katon gicciye ja. Tsohon farashin shi ne shaidar darajar kayan, in aka shafe shi an shafe abin da ake so a tuna.

Girman haruffa ya danganta da inda mai karatu zai tsaya. Ma'aunin da masu allo suke bi shi ne kimanin santimita biyu da rabi na tsayin harafi ga kowace mita uku. Takardar A3, mai faɗin santimita 29.7 da tsayin 42, tana ɗaukar farashi mai tsayin kusan santimita 6, wanda ake karantawa daga mita bakwai. Wannan ya isa layin kasuwa. Idan daga tsallaken titi ake so a gani, kamar mita 12, farashin yana bukatar santimita 10, sai a koma A2 ko fleks.

Gargaɗi biyu da suka ɓata fastoci da yawa. Na farko, ba kowane nau'in rubutu ne yake da haruffan ƙ, ɗ, ɓ da alamar ₦ ba. A kwamfutar mai zane suna iya fitowa daidai, a ta mai bugu su zama akwati ko su ɓace. Idan da CorelDRAW aka yi aikin, a ce masa ya zaɓi duk rubutun ya danna `Ctrl+Q`, wato `Convert to Curves`, yadda haruffan za su koma zane, kafin ya fitar da PDF. Na biyu, a yi aikin a tsarin launi na bugu, wato CMYK, ba RGB na allo ba, domin shuɗin da yake haske a allo yakan fito da duhu a takarda, kuma ga mai sayar da yadi launin da ya kauce babbar matsala ce. A bar kuma ƙarin milimita uku a kowane gefe saboda yanka.

9. Gwaji kafin bugu

Buga kwafi ɗaya a A4, ka manna a bango, ka kira mutum biyu ko uku da ba su san zancen ba. Su tsaya daga nesa su kalla na daƙiƙa biyar, sannan ka rufe. Tambaye su me ake sayarwa, nawa ne, kuma me ya sa aka rage. Idan sun kasa ta farko, kanun ne bai fito ba. Idan sun kasa ta biyu, lambobi sun yi yawa. Idan a ta uku wani ya ce "wataƙila tsohuwar ajiya ce", layin dalili ya yi ƙanƙanta ko bai gamsar ba, koma mataki na biyu.

Karanta lambobin da bakinka ɗaya bayan ɗaya. Sifili ɗaya da ya faɗi yana mayar da ₦34,000 ta zama ₦3,400, kuma za a samu wanda zai zo ya tsaya a kan abin da aka rubuta.

10. Kuɗin aiki da bugu

Kuɗin kashi uku ne: na mai zane, na bugu, da na mannawa. Takarda ana biya ne kwafi-kwafi, fleks kuma da ƙafa murabba'i, don haka mai ƙafa biyu a uku ƙafa shida ne, sai ka ninka da farashin ƙafa ɗaya a wurin mai bugunka. Tambayi wuri biyu kafin ka biya, kuma ka nemi a haɗa da gyara sau ɗaya a kuɗin zane.

Auna kuɗin da ribar kaya, ba da yadda ya yi maka a kunne ba. In duka aikin ya ci ₦18,000 a misalinmu, ribar shadda biyu ce ta sabon sari. A nan ba a tsuke hannu. Takarda mai kauri da ɗan ƙyalli ta fi siririyar takardar kwafi nesa ba kusa ba, domin fastar da ta yi laushi ta naɗe a kwana biyu tana faɗin abin da ka hana rubutun faɗa. Shago ɗaya ba ya bukatar fiye da kwafi uku zuwa biyar. Fleks ya fi dacewa da waje, musamman da damina.

11. Mannawa da saukewa

Manna a daidai tsayin ido, a miƙe, kusa da kayan da ake magana a kai, yadda mai karatu zai iya miƙa hannu ya taɓa shaddar. Ɗaya a ƙofa, ɗaya a ciki. Kada a jera guda shida iri ɗaya a bango ɗaya. A yi amfani da firam ko tef mai manne ta baya, ba tef mai ruwan ƙasa da ake naɗe kwali da shi ba. In za a kafa allo a bakin titi ko a manna a wajen harabar shago, a fara tambayar shugabannin kasuwa da hukumar da ke kula da allunan talla a jihar, domin akwai izini da kuɗin da ake biya.

Shirya amsa ga wanda ya saya ₦40,000 a satin da ya wuce, domin zai gani kuma zai zo. Mafi sauƙi shi ne a yanke cewa duk wanda ya saya cikin kwana bakwai kafin fastar za a cire masa bambancin a sayayyarsa ta gaba. Yaran shago su san wannan, kuma su san layin dalili da ka, yadda abin da bakinsu zai faɗa zai zama daidai da abin da ke bango.

Rubuta adadin da kake sayarwa a sati kafin fasta, ka gwada da na sati biyu bayanta. Saurari kuma tambayoyin da ake yi a bakin kanta. Idan ana tambayar launuka da yadi, fastar tana aiki. Idan ana yawan cewa "ita ce dai ta da?", ƙara girman layin shaida. Idan kowa yana tayawa ƙasa da sabon farashi, wata kalma a rubutun tana nuna matsi, ko kuma wani a shagon yana sallamawa a ɓoye. Idan ragin na ɗan lokaci ne, ranar da wa'adi ya cika a sauke fastar da safe kafin a buɗe shago, farashi ya koma inda aka ce zai koma, kuma a bar aƙalla wata biyu zuwa uku kafin a sake yin wani ragin a kan kaya iri ɗaya.